Na Ƙara Wa Yarana Kuɗi, Me Ya Sa Aiki Bai Ƙaru Ba?

Takardarmu ta yau ta fito daga wani mai injin cashe shinkafa a Kura ta jihar Kano. Ya ce yana da ma'aikata shida. Da kaka ya ƙara masu kuɗin aiki, suka yi ta godiya, amma kafin wata biyu sun koma gidan jiya: a zo a makare, a bar inji ba mai, a kuma karya shinkafar mutane. Shi ne yake tambaya, shin ya sake ƙara kuɗi ne, ko ya sallame su ya ɗauki wasu?

To malam, mun gode da takardarka. Kada ka yi saurin sallamar kowa, domin abin da ka gani masana sun daɗe da lura da shi. Wanda ya fi shahara a kai shi ne Frederick Herzberg, wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, wanda ya rasu a 2000. Shi da abokan aikinsa biyu sun tattauna da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin birnin Pittsburgh, suka buga sakamakon a 1959. Tambayar da suka yi wa kowa mai sauƙi ce: ba mu labarin lokacin da ka ji daɗin aikinka ƙwarai, da kuma lokacin da ranka ya ɓaci ƙwarai.

Da aka tara amsoshin sai aka ga sun rabu gida biyu. Masu ba da labarin ɓacin rai sun fi ambatar abin da ke kewaye da aikin, wato dokokin kamfani, da halin mai sa ido, da yanayin wurin aiki, da zaman tare, da albashi, da tsoron kora. Masu ba da labarin jin daɗi kuwa sun fi ambatar aikin kansa: na gama wani abu mai wuya, an yaba mani, an damƙa mani amana, na ƙaru da sani, na ci gaba.

Kashi na farko Herzberg ya kira shi abubuwan tsafta, ya aro kalmar daga wurin likitoci. Ruwa mai tsafta yana hana ka ciwo, amma ba shi ne zai sa ka yi ƙarfi ba. Kashi na biyu ya kira shi masu sa ƙaimi. Kai da kake cikin manoma, ka ɗauki na farko kamar shingen gona. Idan babu shinge awaki za su cinye shuka, amma ko ka yi shinge riɓi uku, ba zai ƙara maka dami ɗaya ba. Taki ne ke ƙara amfani. Haka kuma wanda ya zuba taki a gonar da ba shinge, awaki ya yi wa hidima.

Ka ga ke nan ƙarin da ka yi shinge ne. Ya kashe ƙorafi, shi ya sa ka sha godiya. Amma bayan 'yan makonni sabon kuɗin ya zama abin da aka saba, ba wanda yake tunawa da shi da asuba lokacin tada inji.

Yanzu yaya za ka gane wane ɓangare ne ke damun yaranka? Ka yi masu tambayar nan guda biyu, kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Sannan ka lura da alamu. Idan shinge ne ya ɓalle, za ka ji gunaguni, a riƙa fashi, wani ya koma injin maƙwabci saboda ɗan bambanci kaɗan. Idan kuwa taki ne babu, ba ruwansu da faɗa, suna zuwa, amma ba mai taɓa komai sai ka ce a yi. Bel zai riƙa ƙara, kowa na ji, ba mai faɗa maka sai ya tsinke.

Ka fara da shinge. Ka tsai da ranar biya, kada ta motsa, domin jinkirin biya yakan fi ƙarancinsa zafi. Ka sa kowa ya san yadda ake lissafin kuɗinsa, a buhu ne ko a wuni. Ka samar da abin rufe hanci saboda ƙura, da ruwan sha, da lokacin salla da cin abinci. Ɗanka ko ƙanenka da ke cikinsu, dokar makara ta hau kansa kamar kowa. Idan za ka yi wa babba faɗa, ja shi gefe, ban da gaban masu kawo shinkafa.

Daga nan sai taki, kuma a nan Herzberg ya ba da misali a wata maƙala da ya buga a 1968. A wani babban kamfani akwai ma'aikata masu amsa takardun masu hannun jari. A da shugaba ne ke duba kowace takarda ya sa hannu. Sai aka bar su su sa hannu da sunansu, aka rage duba aikin ƙwararrun cikinsu zuwa kashi 10 cikin 100, aka kuma mai da wasunsu gwanayen da za a riƙa tambaya a kan fanni kaza. Da farko aikin ya ja baya, domin ba su saba ba, amma kafin wata shida ya cika sun zarce 'yan'uwansu da ba a sauya wa komai ba.

Ga yadda za ka kwatanta. Ka damƙa wa mutum ɗaya inji gaba ɗaya: mai, da bel, da rariya, kuma shi ke da ikon tsai da shi idan ya ji baƙuwar ƙara, ba sai ya jira ka dawo daga kasuwa ba. Wani ka ba shi awo da littafin buhuna. Na uku ya riƙa duba bushewar shinkafa kafin a zuba, da ikon ya ce wannan a mayar shanya. Kowace Alhamis ku zauna ku duba buhu nawa aka casa, mutum nawa suka kawo kuka. Idan mai shinkafa ya yaba, ka kira wanda ya yi aikin ya ji da kunnensa.

Hattara da abu biyu. Na ɗaya, ƙara wa mutum shara a kan ɗaukar buhu ba amana ba ce, ƙarin wahala ne. Amana ita ce ikon yanke shawara. Na biyu, makonnin farko za a yi kuskure. Idan ka ƙwace ikon a kuskuren farko, ka koya masu cewa jira ya fi.

Sai dai kada ka ɗauki wannan bayani kamar yankan wuƙa. Masana da dama sun soke shi, suna cewa halin ɗan Adam ne in abu ya yi kyau ya ce ƙoƙarinsa ne, in ya ɓaci ya ɗora wa maigida. Ban da haka, waɗanda aka tambaya a 1959 masu albashi ne tsayayye. Lebura mai jiran kuɗin yau kafin a ɗora tukunya, shi kam kuɗi na sa shi ƙaimi sosai. Saboda haka idan abin da kake biya bai kai na sauran injinan garinku ba, nan za ka fara gyara, kada yabo ya zama madadin haƙƙi.

A taƙaice malam, kada ka kori kowa tukuna. Gyara shinge cikin wannan wata, raba amana a wata mai zuwa, ka ba abin kamar wata uku, sannan ka rubuto mana yadda ta kaya. Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.