Layi biyu a waya ɗaya: wanne ke kira, wanne ke jan data?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun sayi data a wani layi, wayar za ta koma can da kanta. Ba haka abin yake ba. Waya mai sim biyu tana raba aiki gida uku: kira, saƙon tes da data, kuma kowanne yana da wurin da ake zaɓa masa layi. Idan ba ka zaɓa ba, wayar za ta zaɓa maka, sau da yawa ta ɗora komai a kan layin farko.

A wayoyin Samsung ana shiga Settings, sai Connections, sai SIM manager. A wasu wayoyin Android hanyar ita ce Settings, Network & internet, sannan SIMs. Sunan yakan ɗan bambanta a Tecno, Infinix da itel, amma abu uku za ka tarar: Calls na kira, Messages ko SMS na saƙo, da Mobile data. Zaɓin kira da na saƙo ya shafi abin da ke fita ne kawai. Duk layin da aka kira ka ko aka turo maka saƙo, zai shigo.

A ce ga mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Layinsa na farko shi abokan ciniki suka sani, shi ne kuma banki ya yi wa rajista. Na biyun ya saya ne don datarsa ta fi arha. Da safe ya sa wa na biyun data, ya tura hotunan kaya ta WhatsApp, kafin azahar sai ya ga katin da ke layin farko ya ƙare alhali bai kira kowa ba. Dalili shi ne Mobile data na nan a kan layin farko, wanda ba shi da data, don haka aka riƙa cire kuɗin daga katin kira. Ganewa ba wuya. A Najeriya, tun 2023 lambobin bincike iri ɗaya ne a duk kamfanoni: *310# don ganin ragowar kati, *323# don ragowar data. In kati na raguwa a layi ɗaya, datar ɗayan kuma ba ta motsa ba, to saitin ne ya karkace.

Gyaran da ya dace da shi shi ne ya mayar da data layi na biyu, ya bar kira da saƙo a na farko, don wanda ya kira ya ga lambar da ya sani ya ɗaga. WhatsApp ɗinsa ba zai taɓu ba, domin bai damu da layin da ke kawo intanet ba, ko da da lambar farko aka buɗe shi.

Lambobin banki masu farawa da alamar tauraro suna bin layin kira ne, ba na data ba. Da ya mayar da kira layi na biyu, duk lokacin da ya danna lambar tura kuɗi banki ba zai gane shi ba. Mai yawan sauya layi gara ya zaɓi Ask every time, ko Ask always a Samsung, wayar ta riƙa tambayarsa kafin kowane kira.

Akwai iyakar da saiti ba ya kawarwa. Yawancin wayoyin nan layukan biyu suna jiran kira tare, amma ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Kana cikin hira a layin farko, mai neman ka a na biyu yakan ji an ce ba a samun ka, kuma datar da ke kan na biyun takan tsaya har ka kashe. Don haka ne aka kawo sauya data ta kai tsaye: Allow Cellular Data Switching a iPhone, da makamancinsa a sababbin wayoyin Android. Yana mayar da data kan ɗaya layin na ɗan lokaci. Ga wanda layukansa biyu ke da data, wannan sauƙi ne. Ga ɗan kasuwar nan kuwa ƙofa ce ta sake cinye kati, don haka ya kashe shi.

A ƙarshe, duk lokacin da aka zare sim aka mayar, ko a wurin mai gyara ko don sauya musu gurbi, wayar tana iya komawa zaɓinta na asali. Kafin ka kunna data, leƙa wuraren nan uku ka tabbatar kowanne na kan layinsa.