Goge Tabo Daga Riga a Hoto Ba Tare da Karya Zanen Yadi Ba

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan matsala. Hoton ango ya fito tsaf, fuska ta yi kyau, haske ya zauna, sai ga ɗigon manja a ƙirjin riga, ko wata tamoji mai zurfi da zaman mota ta bari a ciki. Biki ya wuce, ba za a sake tara jama'a ba, don haka sai a koma kan kwamfuta. In rigar fara ce sul, aikin minti biyu ne. In kuwa mai ratsi ce, ko mai gida-gida, ko atamfa, ko shadda mai fure, to nan ake gane wanda ya iya da wanda yake shafe kawai.

Dalili shi ne idon mutum ba ya yafe karyewar layi. Yana iya wuce ɗan bambancin launi bai lura ba, amma ratsin da ya taho a miƙe ya goce da faɗin gashi ɗaya, nan take zai kama shi, ko da mai kallon bai san abin da ya dame shi ba. Shi ya sa kayan gogewa na nan-take suke ba da kunya a kan irin wannan yadi. Healing Brush, wanda ya shigo Photoshop a 2002, yana ɗauko saƙar wani wuri ya gauraya ta da launi da hasken inda aka shafa, kuma wannan gaurayawar ce take dusashe bakin ratsi ta bar dabbare. Content-Aware Fill na 2010 yana cike gurbi da guntayen da ya tsinto daga kewaye. A kan yashi ko ciyawa abin sha'awa ne, amma a kan gida-gida sau da yawa sai ka ga gida ɗaya ya haifi biyu, ko layi ya mutu a tsakiyar ƙirji.

Abin da ya kamata mai gyara ya fara yi shi ne ya tsaya ya tambayi kansa me ya lalace a wurin. Abu uku ne ke cikin kowane yanki na riga a hoto: launi, da haske da inuwa, da kuma zanen yadin. Tabon mai ko na shayi launi da haske yake ɓatawa, zanen yana nan a ƙarƙashinsa daram. Ƙaramar tamoji inuwa ce kawai. Tamoji mai zurfi kuwa ta haɗiye wani ɓangare na yadin, ta kuma ja layukan gefenta sun karkace. Magani ɗaya ba ya yi wa ukun nan.

Mu ɗauki riga mai ƙananan gidaje shuɗi da fari. A hoton, kowane gida faɗinsa kamar fiksel 15 ne, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, tabon manjan kuma ya kai fiksel 150, ya rufe gidaje goma. Tunda tabon ya fi gidajen girma nesa ba kusa ba, ana iya raba hoton gida biyu: leya ɗaya ta riƙe launi da inuwa, ɗaya ta riƙe zane. Leya kamar farar leda ce da aka shimfiɗa a kan hoto, ana aiki a kanta na ƙasa bai taɓu ba.

Za ka kwafi hoton sau biyu da Ctrl+J. Ka ɓoye kwafin sama, ka zaɓi na ƙasa, ka sa masa Gaussian Blur. Kada ka haddace lamba daga bakin wani. Ka riƙa ƙara Radius a hankali kana kallon rigar, har gidajen su narke su zama shuɗi-shuɗi bai ɗaya, amma tabon yana nan a fili. A wannan rigar zai tsaya wajen 15 zuwa 20. In ka tsaya da wuri, rabin zanen zai zauna a leyar ƙasa, kana shafawa kana kashe shi. Daga nan ka koma kwafin sama, ka buɗe Apply Image, ka nuna masa leyar da ka dusashe. Ga hoto mai 8-bit, saitin shi ne:

```
Blending: Subtract
Scale: 2
Offset: 128
```

Leyar za ta koma toka-toka, ba abin da ke cikinta sai layukan rigar. Ka mayar da yanayinta Linear Light, hoton zai dawo kamar ba a taɓa shi ba. In bai dawo daidai da na asali ba, akwai kuskure a saitin, gara ka sake tun kafin ka ci gaba.

Yanzu tabon yana ƙasa, zanen yana sama. Ka buɗe sabuwar leya a tsakaninsu, ka ɗauki buroshi mai laushin baki, ka rage Flow zuwa kamar 5, ka tsinci launi daga tsabtataccen yadi dab da tabon, ka shafa kaɗan-kaɗan. Ka riƙa sake tsintar launi daga sama da ƙasa da gefe, domin ƙirjin mutum ba allo ba ne, ɓangaren da ke fuskantar haske ya fi ɗaya ɓangaren fari. Manjan zai tafi, gidajen suna nan inda masaƙa ta ajiye su, ba wanda ya motsa. Ƙaramar tamoji ma haka ake yi mata: a haskaka inuwarta, a rage ƙyallin da ke bakinta.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Kusan kullum za ka ga siririn zobe ya rage inda bakin tabon yake, kuma fararen gidajen da ke ciki suna da sauran rawaya, saboda manja ya fi kama fari a kan shuɗi. Wannan saura a leyar sama yake. Nan ne Clone Stamp ke da amfani. Ka saita Sample a kan Current Layer, ka kunna Aligned, ka sa bakin buroshin ya yi ɗan tauri. Sirrin duka yana wurin da ka ɗauko samfuri. Ka danne Alt ka taɓa daidai mahaɗar layi biyu, inda na tsaye ya gicciye na kwance, sannan ka fara shafawa daga wata mahaɗa irinta. Kada ka ɗauko daga tsakiyar gida, don ba ka da abin da za ka auna da shi. Kuma ka ɗauko daga kusa, a kan layin guda, tunda gidajen da ke kafaɗa sun fi na ƙirji matsewa saboda lanƙwasar jiki.

Wannan dabara tana da iyaka. In zanen ya kai tabon girma, kamar manyan furannin atamfa, duk Radius ɗin da zai narkar da furen zai narkar da tabon tare da shi. Shadda kuma tata matsalar daban ce. Furenta saƙa shi aka yi da zare mai launi ɗaya, ba ya bayyana sai ta yadda haske ke sauka a kansa. Wanda ya daidaita hasken shadda da ƙarfi don ya kawar da inuwa, zai tarar ya mayar da yadi mai tsada kamar farin ƙyalle. A kan shadda hannu sai ya yi sanyi ƙwarai.

Tamoji mai zurfi ita ce babbar jarrabawa, domin babu abin da za a tono a ƙarƙashinta. Kyamara ba ta ga yadin da ya shige ciki ba. Dole a yi faci. Ka kewaye tsabtataccen yanki na rigar da Lasso, wanda ya fi tamojin girma sosai, ka kwafe shi da Ctrl+J, ka jawo shi kan wurin. Ka rage Opacity zuwa 50 don ka ga na ƙasa ta cikinsa. Da Ctrl+T ka juya shi har layukan su kwanta iri ɗaya, sannan ka shiga Warp ka lanƙwasa shi ya bi jikin mutumin. Wasu sukan mayar da facin Difference na ɗan lokaci: duk inda layi ya hau kan layi sai wurin ya yi duhu, inda ya goce sai ya yi haske.

A nan mafi yawan masu koyo suke cijewa. Sun daidaita layukan hagu, na dama sun ƙi. Sun gyara na dama, na hagu sun goce. Ba laifin hannunsu ba ne. Tamojin ta cinye, a ce, rabin gida, don haka yadin da ba shi da tamoji ba zai taɓa cike gurbin daidai ba. Dole a ja facin ya ɗan miƙe, kuma lissafin yana da sauƙi. In facin gida biyu ne, rabin gidan da za a raba musu zai ƙara wa kowanne kashi 25 cikin ɗari, kowa zai ga gidajen sun kumbura. In facin gida goma ne, ƙarin kashi 5 ne kacal, ido ba zai kama ba. Saboda haka babban faci ya fi ƙarami ɓoyuwa, ko da yake zuciya takan raya wa mutum akasin haka.

Bayan layuka sun haɗu ta kowane gefe, ka mayar da Opacity 100, ka sa wa facin Layer Mask, ka goge bakinsa da buroshi mai laushi. In da hali, ka sa bakin ya ƙare a kan layin zanen ko a ɗinki, kamar bakin aljihu ko layin maɓalli, inda ido ya riga ya saba ganin yankewa. Sai haske: facin ya zo da hasken inda aka ɗauko shi. Ka ɗora masa Curves, ka maƙala shi da facin kaɗai da Ctrl+Alt+G, ka ɗaga ko ka sauke har ya saje. Wanda ba shi da Photoshop zai sami kusan duk waɗannan a Photopea, wanda ke aiki a burauza, haka GIMP yana da nasa kayan kwafi da leya.

Kafin ka ce ka gama, ka duba a 100%, ka bi layi ɗaya da ido tun daga kafaɗa har ƙasa, sannan wani daga hannu zuwa hannu. Ka ƙanƙanta hoton ya koma girman allon waya, don a nan ne facin da haskensa bai dace ba yake fitowa kamar tsibiri. Ka nemi abin da ya maimaita kansa, kamar ɗan zare ko ɗigo da ya bayyana sau biyu kusa da juna.

A ganina kuskuren da ya fi yawa a situdiyo yanzu shi ne wuce gona da iri. Rigar da ke jikin mai rai dole ta naɗe a hamata da gwiwar hannu, in aka share waɗannan sai mutum ya fito kamar an yanko shi daga kwali. Karin sabuwar shadda ma, maza da yawa suna son a gan shi, don haka a tambayi mai hoto kafin a taɓa. Kai kuma mai kai hoto gyara, ka ba da na asali daga kyamara, ko ka tura shi a matsayin Document. Wanda WhatsApp ya matse ya riga ya rasa ƙananan layukan yadin, kuma babu gwanin da zai haɗa layin da babu shi.