Watan ma'auni: tsarin kashe kuɗi ga mai samu jefi-jefi

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda magidanci wanda ba ya da albashi zai yanka ma kansa albashi. Abin da muka kira "watan ma'auni" shi ne adadi guda da gida zai ci kowane wata, ko samu ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Lissafinmu da jika ne, wato sefa 1.000 ko dala 200. Mai rubutawa ya tsaya ga ɗaya, don baki da dala yake ƙirga, takarda kuwa da sefa, kuma nan kuskure ke shiga.

Mu ƙaddara wani mai lambu a Jiratawa da ke kai kaya kasuwar Maraɗi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu yana samun jika 150 a wata. Oktoba da Nuwamba, lokacin kaka, jika 115. Sauran wata bakwai zogale kaɗai ke riƙe da shi, jika 40. Jimilla 960 ke nan a shekara, wato 80 a wata in an raba daidai. To amma 80 ɗin nan tarko ne: wanda ya cinye shi bai bar kome ba don taki, kuɗin ruwan lambu ko ragon layya.

Sai ya lissafa abin da ba makawa: hatsi, cefane, itace, sabulu, magani. A ce ya kama 60. Shi ne ma'auninsa, tunda 40 na wata mafi ƙaranci ba ya ciyar da gidan. Duk abin da ya shigo ya tafi ajiya tukuna, ranar ɗaya ga wata a ciro 60. Shekara za ta ci 720, saura 240 don waɗancan manyan hidimomi.

Inda aikin yake shi ne daga Mayu zuwa Satumba: wata biyar, kowane da giɓin 20. Dole ƙarshen Afrilu ya iske jika 100 da ba a taɓawa. In bai kai ba, ko dai ma'aunin ya yi tsawo, ko biki da rance sun ci ajiyar. Shi ya sa ba a fara wannan tsari sai a watan samu.

A ganinmu, rauninsa shi ne ɗauka cewa 60 na Nuwamba daidai yake da 60 na Agusta. Ba haka ba ne, tiyar hatsi takan yi tsada da damina. Gara a sayi hatsin waɗannan watanni tun da kaka, a Tibiri ko Maraɗi, a rage kuɗinsa daga ma'aunin. Layya kuma tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai a duba tun da wuri ko za ta faɗo cikin watannin giɓi.