Tsamiya, Kanwa da Lambobin pH

Duk mai dafa miyar yakuwa ta san abin da za ta yi idan tsami ya yi yawa: sai ta jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunya. Miyar ta taso da kumfa, launinta ya ɗan yi duhu, tsamin ya kwanta. Wannan shi ne darasin da ɗaliban sakandare ke karantawa a babin asid da bes, sai dai a aji ana yinsa da kwalabe da lambobi.

A al'ada ana gane asid da tsami. Lemon tsami na ɗauke da asid na sitirik, tsamiya na da na tatarik, nono kuwa da na laktik. Bes kuma yana da ɗaci-ɗaci da santsi a hannu, irin na sabulu, da ruwan toka, da kanwar da aka jiƙa. Bes ɗin da ke narkewa a ruwa shi ake kira alkali, kuma ba shi da dangantaka da alƙalin kotu: kalmar ta fito daga sunan da Larabawa ke kiran tokar tsirrai da shi. Amma harshe da yatsa ba kayan awo ba ne. Ruwan batir asid ne, sodar yin sabulu bes ce, kuma dukansu suna cin fata. A ɗakin gwaji ba a ɗanɗanar komai.

Ainihin bambancin yana cikin abin da kowannensu ke yi a ruwa. A shekarun 1880 masanin Suwidin Svante Arrhenius ya bayyana cewa asid yana sakin ayon na haidurojin, H⁺, shi kuma bes yana sakin ayon na haidiroksaid, OH⁻. Idan suka haɗu sai su zama ruwa:

H⁺ + OH⁻ → H₂O

Abin da ya rage kuma ya zama gishiri. Haɗa HCl da NaOH daidai wa daida yana ba da ruwa da NaCl, gishirin miya da kowa ya sani.

Kanwa ce ke nuna inda wannan bayani ya gaza. Galibinta kabonet ne da baikabonet na sodiyam, babu OH⁻ a jikinta, amma ga shi tana kashe tsami. A 1923 Johannes Brønsted da Thomas Lowry, kowa daban, suka faɗaɗa ma'anar: asid shi ne mai ba da H⁺, bes shi ne mai karɓa. Kabonet ɗin kanwa yana karɓar H⁺ daga yakuwa, a samu ruwa da iskar CO₂. Iskar nan ce kumfar da ke tasowa a tukunya.

To, me pH ke aunawa? Yawan H⁺ da ke yawo a cikin kowace lita ta ruwa. Matsalar ita ce adadin ƙanana ne ƙwarai, sifili na bin sifili. A tsantsar ruwa, a zafin digiri 25, akwai mol 0.0000001 na H⁺ a lita ɗaya, wato 10⁻⁷. A 1909 Søren Sørensen, wanda ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Kofanhegan, ya kawo dabarar taƙaita wannan rubutu:

pH = −log[H⁺]

A sauƙaƙe, a ɗauki lambar da ke saman goma, a cire alamar ragi. 10⁻⁷ ya zama pH 7, 10⁻² ya zama pH 2. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 bes ne, 7 kuma tsaka-tsaki. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin lissafin a juye yake: gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan H⁺.

Tuntuɓe na biyu ya fi wannan girma. Matakan pH ba irin na tsani ba ne, da kowane taki ya yi daidai da na baya. Taki ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai pH 3 ya ninka mai pH 4 sau goma a yawan H⁺, ya ninka mai pH 5 sau ɗari. Ruwan lemon tsami, da ke wajen pH 2, ya ninka tsantsar ruwa kusan sau dubu ɗari. Shi ya sa likitoci ba sa wasa da ɗan canji a jini, wanda ke zama tsakanin 7.35 da 7.45. Madarar shanu tana farawa a wajen 6.6, idan ƙwayoyin halitta suka mai da sukarinta asid har ta sauka wajen 4.6, sai ta daskare ta zama nono. Lamba biyu kawai aka sauka, amma H⁺ ya ninka sau ɗari.

Ga lissafin a aikace. A ɗauki mililita 10 na HCl mai mol 0.01 a kowace lita. HCl yana sakin H⁺ ɗinsa gaba ɗaya, don haka [H⁺] ya zama 10⁻², pH kuma 2. A ƙara ruwa har ya cika mililita 100: an sirka sau goma, pH ya koma 3. A cika shi lita ɗaya, ya koma 4. Ɗalibi mai gaggawa zai ce idan an ci gaba da sirkawa za a kai 8 ko 9. Ba za a kai ba. Ruwan da ake zubawa yana da nasa H⁺ na 10⁻⁷, saboda haka lambar za ta yi ta matsowa kusa da 7 ba tare da ta tsallake ba.

Ga bes ana bi ta bayan gida. A digiri 25, pH da pOH kullum suna haɗuwa su ba da 14. NaOH mai mol 0.01 a lita yana da pOH 2, saboda haka pH ɗinsa 12 ne.

Akwai kuma rikita ƙarfi da kauri, wanda masu tsara jarrabawa ke son kafa tarko da shi. Kauri shi ne yawan asid da aka zuba a lita. Ƙarfi kuwa shi ne kaso nawa na asid ɗin ke sakin H⁺. HCl mai mol 0.1 a lita yana da pH 1. Asid na asetik, wanda ke cikin ruwan khal, a daidai wannan kauri yana da pH wajen 2.9, domin kusan ɗaya cikin ɗari kawai na ƙwayoyinsa ke saki. Kauri ɗaya, amma bambancin H⁺ ya kusa ninki tamanin.

Wanda makarantarsa ba ta da takardar litmas, mai zama ja a asid da shuɗi a bes, zai iya jiƙa zoɓo a ruwan zafi ya tace, ya raba kofi uku. A na farko ya matsa lemon tsami: jan zai ƙara haske. Na biyu ya bar shi. A na uku ya zuba ruwan kanwa: jan zai dushe ya koma duhu mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore, domin sinadarin launin zoɓo yana canza siffa idan an ƙwace masa H⁺. Idan ya ɗiga lemon tsami a kofi na uku a hankali, zai ga kumfa, sannan jan ya dawo. Zoɓon yana faɗin ɓangaren da ruwa yake ne kawai. Lambar kanta sai da takardar awo mai jadawalin launuka, ko na'urar pH da aka daidaita da ruwan da aka riga aka san lambarsa, galibi 4 da 7.