Zanen Zagayen Ruwa da Wasiƙar Malami ga Iyaye

Zanen zagayen ruwa da ɗaliban firamare kan kawo gida ba ya wuce shafi guda: rana a sama, teku a gefe, girgije, tsauni, sai kibiyoyi masu hawa da sauka. Yaro kan haddace sunayen kibiyoyin tsaf, amma in mahaifiyarsa ta tambaye shi ina ruwan shanyarta ya tafi, sai ya yi zuru. Wannan giɓin ne malami mai lura yake cikewa da gajeriyar wasiƙa zuwa ga iyaye, wadda takan buɗe da sallama da gaisuwa, sannan ta bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Kibiyar farko tana tashi daga teku zuwa sama. Zafin rana ne ke mayar da ruwa tururi, ya shige cikin iska, ya bar gishiri da laka a ƙasa. Shi ya sa ruwan sama ba shi da gishiri, alhali kusan kashi 97 cikin ɗari na ruwan duniya na gishiri ne. A nan wasiƙar kan gyara wani kuskure da manya ma ke yi. Ainihin tururi ba a ganinsa. Farin abin da ke tashi daga bakin tukunya tururi ne da ya riga ya huce ya koma ƙananan ɗigo. Itatuwa da amfanin gona su ma suna zuƙo ruwa ta saiwa su sake shi ta ganye, shi ne ƙaramar kibiyar da ke kan bishiya.

Kibiya ta biyu ta haɗuwar girgije ce. Iska tana yin sanyi gwargwadon hawanta, wajen digiri 6 zuwa 7 a kowace kilomita, kuma in ta yi sanyi tururin da ke cikinta yakan koma ɗigo a jikin ƙwayoyin ƙura, kamar yadda ruwa ke taruwa a cikin murfin tukunya. Ɗigon sukan haɗu su yi nauyi, sai su zubo. Daga tashin tururi zuwa saukarsa, a matsakaici, kimanin kwana tara ne.

Inda wasiƙar ta fi amfani shi ne inda zanen ya saɓa da abin da iyaye suka sani. Uba a Kano zai ce ai hadari daga gabas yake tasowa, ina kuma teku a gabas? Gaskiyarsa, zanen ma bai yi ƙarya ba. Da damina iska mai laima tana busowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ita ke kawo danshin. Hadarin da ya haɗu kuwa wata iska ce ta can sama ke tura shi daga gabas zuwa yamma. Da hunturu iskar ƙasa takan juya ta fito daga Sahara a bushe, ruwa ya ɗauke.

Haka kibiyar da ke mayar da kogi cikin teku. Gulbin Rima yana bi ta Kogin Neja ya isa teku, amma Kogin Kano ba ya zuwa can. Daga madatsar Tiga yakan shiga Kogin Hadeja, ya bazu a fadamun Nguru, ragowar ta bi Komadugu Yobe ta nufi Tafkin Chadi. A hanya wani ya ƙafe, wani ya nutse cikin ƙasa, ya zauna tsakanin yashi da tsagogin duwatsu, inda guga ke tarar da shi. Saukar ruwan rijiya da bazara alama ce ta cewa ana ɗiba ba a mayarwa.

A ƙarshe malami kan roƙi iyaye su yi gwaji tare da yaro. A zuba ruwan gishiri kaɗan a roba mai faɗi, a ajiye busasshen kofi mai nauyi a tsakiya, a rufe da farar leda a ɗaure bakin sosai, a ɗora tsakuwa a kan ledar daidai saitin kofin. A bar ta a rana daga hantsi zuwa la'asar. Ɗigo zai taru a cikin ledar, ya gangara ƙarƙashin tsakuwar, ya ɗiga a kofi. Abin da za a samu ɗan kaɗan ne, amma in yaro ya ɗanɗana ba zai ji gishiri ba. In kofin ya fito wayam, to ledar ta huje ko tsakuwar ta goce. In kuma an ji gishiri, ruwan robar ne ya fantsama ciki wajen ɗagawa, sai a wanke kofin a sake gwadawa washegari.