Gargaɗi Ga Ma'aikacin Da Aka Riƙe Wa Albashi: Kada Ka Bari Wata Na Uku Ya Same Ka Hannu Banza

Wata nawa kake bin kamfaninku? Ɗaya? Biyu? Ko har ka daina ƙirgawa? Da kai nake magana, mai gadi. Da kai nake, direba, da kai mai tsayuwa a bakin inji a Sharaɗa ko Bompai, da ke mai zuba mai a gidan mai. Kullum da asuba kuna fita. Kullum ana ce muku a yi haƙuri, kuɗi na hanya. Ku tsaya ku ji.

Duk ranar da ka yi aiki ba a biya ka ba, rance ka ba mai kamfani. Kai talaka, kai ne ke ba mai kuɗi rance. Babu shaida, babu jingina, babu ranar biya. Wane banki ne zai yi haka? Kuma kowane wata rancen ƙaruwa yake yi, ƙarfinka na karɓo shi kuwa raguwa yake yi.

Mu yi lissafi. A ɗauki misalin mai gadi da kamfanin tsaro ya tura shi wani rukunin gidaje. Albashinsa naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Kuɗin mota zuwa da dawowa, a ce naira 1,000 a rana. Kwana 26 a wata, naira 26,000 ke nan. Wata uku ba albashi: yana bin kamfani naira 210,000, kuma ya kashe naira 78,000 a hanya kawai, don ya je aikin da ba a biyansa. Daga ina 78,000 ta fito? Daga mai shago, daga suruki, daga kuɗin adashin matarsa. Ba mu sa abinci ba, ba mu sa haya ba, ba mu sa kuɗin makarantar yara ba.

Sai manaja ya kira shi. Ya miƙa masa naira 20,000 a hannu, ya ce riƙe wannan tukuna. Bayan sati uku, a ƙara wata 20,000. Mutumin ya ji sanyi a ransa, ya ce ai ba su manta da mu ba. Nan ne haɗarin. Kuɗin na wane wata ne? Ba a rubuta ba. Saura nawa? Ba a rubuta ba. Ranar da rigima ta tashi, kamfani zai ce ai muna biyansa. Shi kuma me zai nuna? Abin da ya rage masa naira 170,000 ne, amma bakinsa kaɗai ne shaida.

Kuma me ya sa bai tafi ba? Saboda tsoron kada ya rasa abin da yake bi. A wata na farko yana tsoron barin 70,000. A wata na uku yana tsoron barin 170,000. A wata na shida ba ya ma iya tunanin tafiya. Mai kamfani ya san haka sarai. Bashin da kake bin sa shi ne igiyar da ya ɗaure ka da ita.

Alamun sun bayyana tun tuni. Kun gan su? Albashin da ake biya ranar 28 ya koma ranar 5, ya koma ranar 15. An daina turo kuɗi ta banki, an koma bayarwa a hannu. An fara biyan rabi. Saƙon fansho ya daina shigowa wayarka. Akanta ya ajiye aiki ba sallama. Masu kawo kaya suna zuwa ƙofa suna ɗaga murya. An fitar da janareta ko mota an ce gyara za a kai, ba ta dawo ba. Mai kamfani ya daina zuwa ofis, wayarsa a kashe. Idan ka ga uku daga cikin waɗannan, kada ka jira na huɗu.

Ka kula da maganar fansho musamman. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya fara shiga matsala, kuɗin nan yake fara taɓawa, domin ba kowa ke dubawa ba. Je ofishin kamfanin fanshonka. Nemi bayanin asusunka. Idan ana cirewa ba a zubawa, to matsalar ta girme wa jinkirin albashi.

Kada wani ya ce maka albashi alfarma ce. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 15, ta ce tazarar biyan ma'aikaci kada ta wuce wata ɗaya. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki, dole a ba ka takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinka da yadda za a biya ka. Kana da wannan takarda? Da yawa ba su da ita. Shekara biyar suna aiki, ba su da komai sai riga mai tambarin kamfani.

To, fara yau. Yau, ba ƙarshen wata ba.

Tara shaida tun kana ciki. Wanda ya fita, ƙofa ta rufe masa. Ɗauki hoton katin shaidarka na aiki. Ɗauki hoton rajistar da kuke sa hannu kullum, shafin da sunanka yake. Je banki ka karɓi bayanin asusunka na watannin da ake biya, domin shi ne zai nuna nawa ne albashinka da wanda yake turowa. Kada ka goge saƙon manaja da ya ce a yi haƙuri zuwa Juma'a. Wannan saƙo amincewa ce cewa ana riƙe da kuɗinka. Sayi ƙaramin littafi, rubuta kowane wata, nawa ya kamata, nawa aka ba ka, ranar da aka ba ka, a gaban wa.

Sannan rubuta takardar neman haƙƙi. Ba zagi, ba barazana. Sunanka, aikinka, watannin da kake bi, jimillar kuɗin, da ranar da kake so a biya, a ce kwana 14. Yi kwafi biyu. A sa hannu a kan naka cewa an karɓa. Idan sun ƙi sa hannu, tura ta waya, ka ajiye. Idan ba ka iya rubutu ba, nemi wanda ya iya. Kuma ku yi tare. Mutum ɗaya ana korarsa da safe, a manta da shi kafin azahar. Mutum ashirin da takarda ɗaya, dole a zauna da su.

Mai gadi, kai kana da wata tambaya ta daban. Wurin da kake gadi, sun biya kamfaninku ko ba su biya ba? Tambayi mai kula da wurin cikin ladabi. Sau da yawa sun biya, kuɗin a ofishinku ya maƙale. Ka sani kuma, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido kan kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma kamfani ba ya son ƙorafi ya kai ga masu kula da lasisinsa.

Idan kwana 14 suka wuce shiru, ina za ka? Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiharku. Suna kiran mai kamfani a zauna. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ba a biyan ko sisi, amma dokarta ta ce a kawo ƙorafi cikin wata 12 da faruwar abin. Ka ji? Wata 12. Haƙurinka yana cinye wa'adinka. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba ikon sauraron shari'ar rashin biyan albashi, tana zama a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da wasu garuruwan. Idan ba ka da kuɗin lauya, ka fara da Hukumar Ba Da Agajin Shari'a. Idan kuna da ƙungiyar ƙwadago a wurin, ku sa ta a gaba.

Me ya sa nake matsa muku? Saboda kamfanin da ke aiki ana iya tilasta masa ya biya. Kamfanin da ya rufe kuwa, wa za ka kama? Bankin da ke riƙe da jinginar gini zai ɗauki nasa. Doka ta sa albashin ma'aikata gaba da sauran masu bin bashi na gama-gari, gaskiya ne, amma sai idan wani abu ya rage. Ku tambayi mutanen Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL ta rufe a 2002. Ma'aikatanta sun shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.

Akwai abubuwan da kada ka yi, komai zafin rai. Kada ka ɗauki kayan kamfani ka ce a madadin albashinka. Kada ka riƙe mota, kada ka taɓa cinikin rana. Nan take mai gaskiya zai koma wanda ake tuhuma, a kira 'yan sanda, maganar albashi ta mutu. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Wasu za su ba ka rabi, su rubuta cewa an biya ka duka haƙƙinka. Idan ka karɓi wani ɓangare, rubuta kusa da sa hannunka cewa saura kaza. Kada kuma ka ɓace kawai. Idan za ka tafi, ba da sanarwa a rubuce: in ba a rubuta wani wa'adi a takardar aikinka ba, doka ta ce sati ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Barin aiki ba ya goge bashin da kake bi. Ka riƙe wannan da kyau.

Ka nisanci rancen waya mai ruwa. Za su ba ka na sati ɗaya ko biyu, albashi bai zo ba, su fara kiran 'yan'uwanka suna ci maka mutunci.

Yanzu dubi jikinka. Yaushe rabonka da barci mai kyau? Kanka yana ciwo kullum? Kana yi wa yara tsawa ba dalili? Kana canza hanya don kada mai shago ya gan ka? Kana zuwa aiki da yunwa? Direba mai yunwa da tunani yana kan titi da rayukan mutane. Mai inji da hankalinsa ke kan kuɗin haya yana iya rasa yatsu cikin daƙiƙa ɗaya. Je a auna maka hawan jini. Faɗa wa matarka gaskiya, ko mijinki, a daina ɓoyewa. Je wurin mai gidan haya da kanka kafin ya aiko. Idan ka fara jin rayuwar ta ishe ka, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Faɗa wa ɗan'uwa, ko limaminku, ko likita, a daren nan.

Ka sa wa kanka rana. Rubuta ta a littafinka. Ka ce idan ranar nan ta zo ba a biya ba, zan kai ƙorafi, zan ba da sanarwa. Fara neman wani aikin tun yanzu, tun kana da ƙarfin nema.

Ku kuma masu kamfani, ku ji tsoron Allah. Idan ba za ku iya biya ba, ku faɗa, ku rubuta abin da ake bin ku, ku sallami mutane su nemi abinci. Ɗan'uwa ma'aikaci, gobe da safe kafin ka kama aiki, ɗauki hoton rajistar nan, ka rubuta takardarka.