Dala 120 a hannu, ribar sama ga wani

A kasuwar hannun jari ta Amurka, wanda ya mallaki hannun jari 100 na wani kamfani yana iya karɓar kuɗi nan take ba tare da ya sayar da ko ɗaya ba. Abin da yake sayarwa alƙawari ne. Zai ce wa wani: na ba ka damar sayen hannun jarina a farashi kaza, daga yau zuwa rana kaza, in ka so ka saya, in ba ka so ba ka bari. Wancan ya biya shi kuɗin wannan dama, kuma kuɗin ya zama nasa ko an yi cinikin ko ba a yi ba. A manhajar dillalai ana rubuta wannan dabara da suna `covered call`. Ana cinikin irin wannan alƙawari a fili tun watan Afrilun 1973, lokacin da aka buɗe kasuwar CBOE a birnin Chicago da hannun jarin kamfanoni 16 kacal.

Ya yi kama da kafin alƙalami, sai dai a nan kuɗin da aka ba ka ba ya cikin farashin kaya. Ko mai damar ya zo ya saya, sai ya biya cikakken farashin da aka yanke.

Mu ɗauki wata mata da ta sayi hannun jari 100 a kan dala 40 kowanne, yau kuma farashin ya kai dala 50. Ɗari ɗin ba zaɓinta ba ne, don kowace kwangila guda a can hannun jari 100 take ɗauka. Ta duba manhajarta, ta zaɓi farashin alƙawari na dala 55, wanda allon ke kira `strike`, da wa'adin wata ɗaya. Kwangilolin wata-wata suna ƙarewa ne ranar Juma'a ta uku a wata. Masu saye sun taya dala 1.20 a kan kowane hannun jari, ta danna `Sell to Open`, dala 120 suka faɗa asusunta, ban da ɗan ladan dillali. Daga wannan lokaci dillali zai riƙe hannun jarin nan a matsayin jingina. Da za ta sayar da su ta bar alƙawarin haka nan, ta shiga wani haɗari daban mai girma, don in farashi ya tashi sai ta sayo su da tsada ta miƙa.

In wa'adi ya cika farashi yana dala 53, babu mai hankalin da zai biya 55 a kan abin da ke kasuwa 53. Alƙawarin ya mutu, hannun jarinta na nan, dala 120 na nan, wata mai zuwa tana iya sake sayar da wani. Wannan ne sakamakon da masu tallata dabarar suka fi faɗa, kuma gaskiya ne yana faruwa sau da yawa. Dala 120 a kan kadarar dala 5,000 kashi 2.4 cikin ɗari ne a wata guda. Amma duk wanda ya ninka wannan sau goma sha biyu ya ce maka ga ribar shekara, ya ɗauka ke nan farashi zai zauna wuri ɗaya har shekara ta zagayo.

To, a ce kamfanin ya fitar da labari mai daɗi, farashi ya haura zuwa dala 62. Za a karɓe hannun jarinta a kan 55, ba sai an nemi yardarta ba. Za ta buɗe manhaja ne kawai ta tarar babu su, ga dala 5,500 a madadinsu. Daga inda ta tashi ta ci dala 500, ga kuma 120, jimla 620. Ba ta yi asara ba. Amma maƙwabcinta da ya riƙe nasa bai yi wa kowa alƙawari ba ya ci 1,200. Ratar dala 580 ce, wato kuɗin alƙawari na kusan wata biyar ya tafi a tashi guda. Kuma irin wannan tashi ba tatsuniya ba ce. Ranar 25 ga Mayun 2023 hannun jarin kamfanin Nvidia ya tashi da kusan kashi 24 cikin ɗari a yini ɗaya bayan ya sanar da hasashen cinikinsa. Wanda ya sayar da alƙawari a farashi kusa da na kasuwa kafin ranar, kallon tashin ya yi daga waje.

A nan ne nake ganin mutane suka fi ruɗuwa. Sama an yi mata rufi a 56.20, ƙasa kuwa a buɗe take. In farashi ya faɗi zuwa dala 41, ta rasa 900, dala 120 suka rage mata zafi ya zama 780. Kariyar da ta samu ta ƙare ne a 48.80. Ta sayar da watanninta mafi kyau, ta riƙe mafi muni, kuma ladan wannan musanya shi ne abin da ake kira kuɗin shiga. Wanda ya biya ta ba wawa ba ne. Idan ka ga kuɗin alƙawari ya yi ƙiba fiye da yadda aka saba, duba kalanda, sau da yawa za ka tarar ranar sanar da ribar kamfani ta faɗo cikin wa'adin, kasuwa na tsammanin girgiza.

Bayan faɗuwa ne tarkon ya fi ɗanuwa. Farashi na 41, alƙawarin dala 55 ya zama ba ya kawo ko sisin kirki, sai ta sauko ta sayar da na 43 don ta ci gaba da ganin kuɗi na shigowa. Farashi ya farfaɗo zuwa 50, aka karɓe kayanta a 43. Ta sha faɗuwar, farfaɗowar kuma ta wuce ta.

Akwai hanyar fita, amma ba kyauta ba. Farashi na 62, tana iya danna `Buy to Close` ta sayo alƙawarinta, sai dai yanzu ya kai aƙalla dala 7 a kan kowane hannun jari, wato 700 a kan abin da ta sayar 120. Wasu kan haɗa wannan da sayar da sabon alƙawari mai nisan wa'adi da farashi mafi sama, su ce sun gyara. Asarar kwangilar farko dai an riga an biya ta. Sannan ba lalle a jira ranar ƙarshe ba: a tsarin Amurka mai damar yana iya karɓar kaya kowace rana cikin wa'adi, kuma an fi yin haka ana gobe ranar yanke masu cin rabon riba, idan rabon ya fi ɗan abin da ya rage na darajar lokaci a kwangilar. Sai ta rasa hannun jarin, ta rasa rabon. Ga haraji kuma: tun da a 40 ta saya, sayarwar dole a 55 ta fito da ribar dala 1,500 da hukumar haraji za ta iya dubawa a shekarar da ba ta shirya ba.

A ganina dabarar ta dace ne da mutum ɗaya: wanda dama ya yanke shawarar in farashi ya kai 55 zai sayar, kuma ba zai ciji yatsa ba in ya wuce. Shi an biya shi ne don ya yi abin da ya riga ya ƙudurta. Wanda kuwa yake riƙe da kamfani saboda yana sa ran zai ninka cikin shekaru, yana sayar da ainihin dalilin riƙewarsa ne a kan kuɗi kaɗan.

Mai karatu Musulmi yana da wata tambayar kafin duk wannan lissafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin waɗannan kwangilolin zaɓi, yadda ake cinikinsu a kasuwannin kuɗi, ba su halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin kuɗi ne da ya halatta a karɓi diyyarsa ba. Hukuncin yana kan kwangilar ce kanta, don haka halaccin sana'ar kamfanin bai ɗauke shi ba.